Kuɗin hidimar da ake cirewa tun kafin a miƙa bashi: nawa ne ainihin ruwan?

Mutane da dama da suka karɓi rance daga banki, ko ƙaramin bankin bayar da lamuni, ko kamfanonin da ke bayar da bashi ta wayar salula, sun san wannan lamari: takarda ta ce naira 100,000, amma abin da ya shiga asusu naira 95,000 ne.

Naira 5,000 ɗin da ta yi ɓatan dabo ita ce ake kira kuɗin hidima, wato abin da mai bayar da bashi ke cewa ladan duba takardu ne da binciken mai nema da kuma kula da asusun. Maimakon ya jira a biya shi daga baya, sai ya zare abinsa tun kafin kuɗin su bar hannunsa.

Cajin kansa ba ɓoyayye ba ne, domin galibi yana rubuce a cikin yarjejeniya. Abin da ba kasafai ake rubutawa ba shi ne yadda yake sauya farashin bashin. Ana lissafa kuɗin ruwa ne a kan naira 100,000 ɗin da ke takarda, kuma ita za a mayar cif-cif, alhali kuwa mai karɓa bai taɓa riƙe fiye da 95,000 ba. Ke nan yana biyan ruwa har a kan kuɗin da bai gani ba.

Yadda ake lissafin

Ƙa'idar guda ɗaya ce. Ba a duba sunan da aka laƙaba wa kowane caji, sai dai a duba abin da ya shiga hannun mai karɓa, da abin da ya fita daga hannunsa, da kuma ranar da kowanne ya faru.

A ɗauka an ba mutum rancen naira 100,000 na tsawon shekara guda, a kan ruwan kashi 24 cikin ɗari, kuma zai biya gaba ɗaya a ƙarshen shekara. An cire kashi 5 cikin ɗari a matsayin kuɗin hidima, don haka ya karɓi 95,000. Idan shekara ta cika zai biya 124,000.

Bambancin abin da ya karɓa da abin da ya mayar shi ne naira 29,000, kuma shi ne tsadar bashin baki ɗaya. Idan aka raba 29,000 da 95,000, za a samu kashi 30.5 cikin ɗari. Wannan shi ne ainihin ruwan da ya biya.

Wanda ya yi lissafin da ka zai iya cewa 24 da 5 ai 29 ke nan. Ya kusa, amma bai kai ba, saboda an raba ne da ƙaramin adadi. Kashi ɗaya da rabin da ya ɗoru a kai ya samo asali ne daga cirewar da aka yi tun farko. Da a ce an bar masa 100,000 ɗinsa cikakkiya, aka karɓi naira 5,000 ɗin a ƙarshen shekara, da ruwan ya tsaya a kashi 29 daidai.

Akwai kuma wani sakamako da ɗan kasuwa kan ji a jikinsa tun ranar farko. Wanda ke bukatar naira 200,000 cif domin sarin kaya ba zai nemi 200,000 ba, domin 190,000 za a ba shi. Dole ya nemi kusan 210,500, kuma a kan wannan babban adadin ne ruwa zai riƙa hawa.

Gajeren wa'adi ne ke ƙara zafin cajin

Inda lamarin ya fi muni shi ne rancen ɗan lokaci, kuma nan ne akasarin masu karɓa ke yaudarar kansu.

Kuɗin ruwa yana tafiya ne da lokaci: wanda ya riƙe kuɗi wata uku yana biyan rubu'in abin da mai riƙewa shekara guda zai biya. Kuɗin hidima kuwa bai san lokaci ba. Naira 5,000 ce, ko rancen na shekara ne, ko na mako huɗu.

A sake ɗaukar wancan rance na naira 100,000, ruwa kashi 2 cikin ɗari a wata, wanda shi ne dai kashi 24 a shekara, amma a wannan karo wa'adin wata uku ne. Mai karɓa ya samu 95,000, zai mayar da 106,000. Tsadar ta zama 11,000, wato kashi 11.6 cikin ɗari a wata uku. Da yake shekara na ɗauke da irin wannan wa'adi har huɗu, ruwan shekara ya kai kusan kashi 46 cikin ɗari.

Idan wa'adin wata ɗaya ne, zai mayar da 102,000 a kan 95,000 ɗin da ya karɓa. Tsadar ita ce 7,000, kashi 7.4 cikin ɗari a wata, wanda ya kai kimanin kashi 88 a shekara.

Takarda ɗaya ce, ruwa ɗaya, caji ɗaya, amma farashin ya tashi daga kashi 30 zuwa 46 zuwa 88, ba don komai ba sai don gajartar wa'adi. A rancen wata ɗayan, kuɗin hidimar ya ninka kuɗin ruwan sau biyu da rabi. A irin wannan hali, abin da aka kira ruwa ado ne kawai. Cajin shi ne ainihin cinikin.

Wani zai ce mene ne amfanin mayar da rancen wata ɗaya zuwa lissafin shekara, tunda ba shekara za a riƙe shi ba. Amsar ita ce, ba a iya kwatanta farashi biyu sai da mudu ɗaya. Ban da haka, masu cin irin wannan bashi da yawa ba sau ɗaya suke ci ba. Wanda ke sabunta rancensa duk wata yana biyan naira 5,000 ɗin sau 12, wato naira 60,000 a shekara a kan kuɗin da ba su taɓa wuce 95,000 a hannunsa ba, kafin ma a zo maganar ruwa.

Misalin mai sayar da atamfa

Mafi yawan rancen ƙananan 'yan kasuwa ba a biyan sa a dunƙule, sai dai kashi-kashi, duk wata ko duk mako. A nan lissafin kan ɗan yi wuya, domin matsala biyu ce ke haɗuwa.

A ƙaddara wata mai sayar da atamfa a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ta nemi rancen naira 200,000 na wata shida. An gaya mata ruwa kashi 3 ne cikin ɗari a wata. An cire kashi 4 cikin ɗari na hidima, naira 8,000, da kashi 1 na inshora, naira 2,000. Abin da ya shigo asusunta naira 190,000 ne.

An lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya: naira 6,000 a kowane wata, sau shida, 36,000. Jimillar abin da za ta biya 236,000, wato naira 39,333 duk wata.

A tunaninta, kashi 3 sau 12 shi ne 36, don haka ruwan shekara kashi 36 ne.

Kuskure na farko shi ne, ba ta riƙe 200,000 tsawon wata shida ba. Tun ƙarshen watan farko ta fara mayar da uwar kuɗin, kuma a watan ƙarshe abin da ya rage a hannunta bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba, amma har a lokacin naira 6,000 ake karɓa, tamkar ba ta biya ko kwabo ba. Wannan salon lissafi kaɗai, ko da ba a cire mata komai ba, ya mayar da ruwan kusan kashi 4.9 a wata, wato kashi 59 a shekara.

Na biyu shi ne naira 10,000 ɗin da aka zare. Idan aka sa 190,000 a madadin 200,000, ruwan wata ya koma kashi 6.57, na shekara kuwa kusan kashi 79 cikin ɗari. Wato cirewar kashi 5 ta ƙara kashi 20 a kan farashin shekara.

Ana iya tabbatar da wannan adadi da hannu. A watan farko tana riƙe da 190,000, kashi 6.57 na wannan shi ne naira 12,483. Daga cikin 39,333 da ta biya, wannan ne ruwa, sauran 26,850 kuma ya rage bashin zuwa 163,150. A wata na biyu ruwan ya sauko zuwa 10,719, bashin ya koma 134,536. Idan aka ci gaba a haka, biya na shida zai share bashin, in ban da 'yan nairorin da ba su kai goma ba. Adadin da ke sa lissafin ya ƙare a sifili daidai da biyan ƙarshe shi ne ainihin ruwa. Idan aka gwada da kashi 3, za a ga bashin ya ƙare tun kafin a gama biya, alamar cewa adadin ya yi kaɗan.

Masu amfani da manhajar lissafi ta kwamfuta na samun amsar da layi ɗaya, inda ake sa yawan biyan, da adadin kowane biya, da kuɗin da aka karɓa a hannu:

```
=RATE(6,-39333,190000)
```

Amsar da za ta fito ita ce 0.0657, wato kashi 6.57 a wata. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sa adadin da ke takarda a gurbin ƙarshe, maimakon wanda ya shiga asusu.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya kintace. Duk tsadar rancen ita ce 236,000 a cire 190,000, wato 46,000, ko naira 7,667 a wata. A rancen da ake biya kashi-kashi daidai wa daida, matsakaicin abin da ke hannun mutum ya ɗan haura rabin abin da ya karɓa. A biya shida, kashi bakwai ne cikin 12, kimanin naira 110,800. Raba 7,667 da wannan zai bayar da kashi 6.9 a wata, ko 83 a shekara. Kintacen ya ɗan zarce gaskiya, amma ya isa ya nuna cewa maganar kashi 36 ba ta taso ba.

Da a ce wani bankin ya yi mata tayin kashi 5 cikin ɗari a wata a kan abin da ya rage na bashi kawai, ba tare da cire komai ba, da a kunne ya fi tsada, domin 5 ta fi 3. A lissafi kuwa kashi 60 ne a shekara, ƙasa da 79 nesa ba kusa ba.

Adadi biyu, duka daidai

Wani abin da ke rikita mutane shi ne, rance ɗaya na iya samun adadin shekara iri biyu, kuma babu na ƙarya a ciki.

Hanya ta farko ita ce a ninka ruwan wata sau 12, kamar yadda aka yi a sama. Ita ce ake bi a Amurka, inda dokar bayyana gaskiyar farashin bashi ta shekarar 1968 ta tilasta wa masu bayar da rance rubuta adadin da ake kira APR. A ƙarƙashin wannan tsari, cajin da aka karɓa tun farko ana cire shi ne daga adadin da ake ɗauka an ranta wa mutum, sannan a lissafa shi cikin tsadar bashin.

Hanya ta biyu tana la'akari da ruwa a kan ruwa, wato a ɗauka abin da aka biya a wata ɗaya shi ma yana haihuwa a watan da ke biye. Ita ce hanyar da ƙasashen Tarayyar Turai ke bi a rancen jama'a. Da wannan ma'auni, kashi 6.57 a wata ya zama kusan kashi 115 a shekara, shi kuma rancen nan na wata ɗaya mai kashi 88 ya koma kusan 135.

Duk wadda aka bi, abin kiyayewa shi ne kada a auna wani rance da hanya ta farko, a auna abokin gasarsa da ta biyu.

Abin da hukumomi suka yi

Muhawarar ta yi ƙamari a duniya ne bayan shekarar 2007, lokacin da bankin Compartamos na ƙasar Meziko, wanda ke bai wa mata talakawa ƙananan rance, ya sayar da hannun jarinsa a kasuwa ya kuma samu riba mai yawa, alhali tsadar rancensa ta kai kusan kashi 100 a shekara idan an haɗa da haraji. Farfesa Muhammad Yunus na Bangladesh, wanda ya kafa bankin Grameen, yana cikin waɗanda suka yi kakkausar suka. A 2008 Chuck Waterfield ya kafa ƙungiyar MicroFinance Transparency, wadda ta shafe shekaru tana tattara takardun rance daga ƙasashe daban-daban tana fitar da ainihin farashinsu, kafin ta dakatar da aiki a 2015.

A Najeriya, jadawalin cajin bankuna na Babban Bankin ƙasar da ya fara aiki ranar 1 ga watan Janairun 2020 ya kayyade kuɗin kula da rance na bankunan kasuwanci a kan abin da bai wuce kashi 1 cikin ɗari na kuɗin da aka bayar ba, kuma sau ɗaya ake karɓa. A rancen shekara mai ruwan kashi 24, wannan caji ba ya kai farashin sama da kashi 25.3. To amma ko shi ɗin, idan aka ɗora shi a kan rancen wata ɗaya, sai farashin ya haura kashi 36. Wannan ne raunin duk wata dokar da ta kayyade caji ba tare da ta dubi wa'adi ba.

Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa sun bi wata hanyar. Dokarsu ta hana cin riba fiye da kima tana auna rance ne da adadin da ake kira TEG, wanda ya haɗa ruwa da sauran caje-cajen da aka ɗora wa mai karɓa. A farkon 2014 an sauko da iyakar zuwa kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, da kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin bayar da lamuni. A bisa wannan tsari, sauya wa ruwa suna zuwa kuɗin hidima ba ya fitar da mai bayar da bashi daga ƙarƙashin doka, ko da yake rubuta doka daban, bin ta a kowane ƙauye daban.

Babban Bankin Indiya kuwa ya umurci masu bayar da rance a 2024 da su miƙa wa ɗaiɗaikun jama'a da ƙananan 'yan kasuwa wata gajeriyar takarda mai ɗauke da ainihin farashin shekara, haɗe da dukkan caji, kafin a sa hannu.

Matsayin malaman fiƙihu

Ga Musulmi, tambayar ta wuce ta tsada ko araha. Akwai rancen da ake tallatawa a matsayin marar ruwa, amma ana cire kuɗin hidima a cikinsa. Shin wannan ya halatta?

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta duba batun a zamanta na birnin Amman a 1986, a matsayin amsa ga tambayoyin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Ta yanke cewa ya halatta a karɓi lada a kan hidimar rance matuƙar bai wuce ainihin abin da aka kashe ba, kuma duk abin da ya ɗoru a kan haka riba ce haramtacciya. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ita ma ta tsaya a kan ainihin kuɗin da aka kashe kai tsaye.

Lissafi na taimakawa wajen gane inda aka tsallake wannan iyaka. Aikin duba takardar mai neman naira miliyan ɗaya bai ninka na mai neman 100,000 sau goma ba, don haka cajin da ke hawa daidai da girman rancen abin tuhuma ne. Haka nan cajin da ke ƙaruwa da tsawon wa'adi, ko wanda ake sake karɓa duk lokacin da aka jinkirta biya, domin ya ɗauki siffar farashin lokaci. Rancen naira 100,000 na wata uku da aka ce ba shi da ruwa, amma aka cire 5,000, yana da tsadar kashi 5.3 a wata ukun, wato kashi 21 a shekara.

Wannan hukunci ya shafi rancen kuɗi ne tsagwaronsa. Cinikin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince a kai, babi ne na daban, ko da yake shi ma ana iya auna tsadarsa da irin wannan lissafi.

Inda cajin ke ƙara ɓuya

Kuɗin hidima ba kasafai ake mayar da shi ba. Wanda ya samu hali ya biya rancen shekara a cikin wata uku yana iya samun ragin ruwa, idan yarjejeniyar ta yarda, amma cajin ya riga ya tafi, don haka ainihin farashin da ya biya ya koma irin na rancen wata uku. Haka abin yake ga wanda aka yi wa tayin ƙarin rance kafin ya gama biyan na farko: idan aka haɗe tsohon bashin da sabon aka ɗauki caji a kan jimillar, ya biya hidima sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Sai kuma ajiyar dole. Wasu ƙananan bankuna kan bukaci mai karɓa ya bar wani kaso na rancen a asusu har sai ya gama biya. Kuɗin nasa ne, kuma za a mayar masa, amma tsawon wa'adin ba ya iya juya su, alhali ruwa na hawa a kansu. A lissafi ana cire su daga abin da ya karɓa ranar farko, sannan a sa su a matsayin kuɗin da suka dawo masa ranar ƙarshe. Da an riƙe wa mai atamfar nan naira 20,000 a wannan siga, da abin da za ta kai kasuwa 170,000 ne, tana kuma biyan 39,333 duk wata kamar dā.